Yadda ake rubuta kunnen doki da ƙuri'ar raba gardama a rahoton zama

Wannan bayani na sabon sakatare ne, ko na ƙungiyar manoma, ko ta ci gaban gari, ko kwamitin makaranta, ko hukumar daraktocin ƙaramin kamfani. Yawancin ƙudurori suna wucewa ba tare da an ɗaga hannu ba, don haka mutum zai iya daɗewa yana riƙe da littafi bai ga ranar da ƙuri'u suka zo daidai ba. Ranar da suka zo, rabin ɗakin zai tashi ba ya murna, kuma idan rigima ta biyo baya, takardar da za a fara nema ita ce taka. Abin da nake so ka riƙe shi ne: ƙuri'ar farko da ta tashi kunnen doki abu ne daban, ƙuri'ar da shugaba ya kaɗa don raba gardama abu ne daban, kuma dole kowanne ya samu layinsa a rahoto, tare da dokar da ta ba shugaba wannan dama.

Kayan da za ka zo da su

Na farko, tsarin mulkin ƙungiyar, kwafin da ake aiki da shi a yanzu, wanda ke ɗauke da duk gyaran da babban taro ya amince da shi. Ƙungiyoyi da yawa suna da kwafi biyu ko uku da ke yawo a hannun mutane, kuma lambobin sassa kan canza bayan gyara. Idan kamfani ne, ka zo da dokokinsa na cikin gida da aka yi wa rajista.

Sai takardar halarta da kowa zai sa hannu, da ajandar zaman, da littafin minitis mai lambobin shafi, da agogo ko waya don duba lokaci. Ka kuma tanadi farar takarda guda da ka ja wa layuka huɗu tun daga gida: masu goyon baya, masu adawa, masu rowar ƙuri'a, da waɗanda ba sa ɗakin. Idan tsarinku ya yarda da ƙuri'ar sirri, ka yanka ƙananan takardu iri ɗaya ka zo da su.

Idan ba ka samu kwafin takarda na tsarin mulkin ba, hoton shafin a waya ya isa a karanta a zaman, amma kafin ka rubuta rahoto na ƙarshe ka gwada shi da na asali. Idan babu ko hoton, kada ka rubuta lambar sashe da ka. Zan dawo kan wannan a mataki na 6.

Mataki na 1: Karanta sashen tun kafin ranar zama

Kujerar shugabanci ita kaɗai ba ta ba mutum ƙuri'ar raba gardama. Rubutacciyar doka ce ke ba shi. Idan babu dokar, ƙudurin da ya tashi kunnen doki ya faɗi, domin bai samu rinjaye ba, kuma abin da ake kai a da shi ne ke ci gaba. Mutane da yawa suna mamakin wannan, saboda a wurinmu an saba idan magana ta cije a waiwayi babba a ce ya yanke. Wannan ladabi ne mai kyau, amma ba ya tsayawa a gaban wanda ya zo da takarda yana tambayar ina aka rubuta.

Idan ka buɗe tsarin mulkinku, ɗaya daga cikin abubuwa uku za ka tarar.

Akwai tsarin da shugaba ke kaɗa ƙuri'a tare da kowa a matsayinsa na mamba, sannan idan an yi kunnen doki ya sake kaɗa ta biyu. Haka dokar kamfanoni ta Najeriya, CAMA ta 2020, ta tanada wa zaman daraktoci a sashe na 289: ana yanke magana da rinjaye, idan ƙuri'u suka zo daidai shugaba yana da ƙuri'a ta biyu.

Akwai kuma tsarin da shugaba ba ya ƙuri'a sam sai an yi kunnen doki. Wannan shi ne na majalisunmu. Sashe na 56(1) na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya ce wanda ke jagorantar zaman Majalisar Dattawa ko ta Wakilai zai kaɗa ƙuri'a idan ana bukatar hakan don kauce wa daidaituwar ƙuri'u, kuma ba zai kaɗa ba a wani hali daban. Sashe na 98(1) ya maimaita wannan ga majalisun dokokin jihohi. Ƙungiyoyi da dama sun kwaikwayi wannan salon.

Na uku shi ne tsarin da ya yi shiru, bai ambaci kunnen doki ba ko kaɗan.

Ka san wanne ne naku, ka rubuta lambar sashen da ƙaramin sashen a saman takardar ƙirgarka. Sannan ka lura da abubuwa biyu a lafazinsa. Ya ce shugaba "zai iya" ne, ko ya wajabta masa? Ya ce "Shugaban ƙungiya" ne, ko "wanda ke jagorantar zaman"? Ranar da Mataimaki ne a kujera, wannan bambancin shi ne zai nuna ko yana da ƙuri'ar ko ba shi da ita. Ka duba kuma ko sashen na babban taro ne ko na kwamitin zartarwa, don sau da yawa kowanne da nasa, kuma ambaton na babban taro a rahoton kwamiti kuskure ne da ke faruwa kullum.

Mataki na 2: Ƙirga mutanen ɗakin a daidai lokacin ƙuri'a

Takardar halarta tana gaya maka waɗanda suka zo ne kawai. Ba ta gaya maka waɗanda ke zaune lokacin da aka ɗaga hannu. Wani ya fita amsa waya, wani ya tafi alwala, wani ya shigo a makare. Kafin shugaba ya sa ƙuduri a ƙuri'a, ka ɗaga kai ka ƙirga masu ikon ƙuri'a da ke ɗakin, ka rubuta adadin da lokacin. Baƙi da masu ba da shawara ba sa ciki. Kai ma ka tabbatar ko kana ciki, domin a wasu ƙungiyoyin sakatare mamba ne mai ƙuri'a, a wasu kuma ma'aikaci ne kawai.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce ƙungiyar manoman shinkafa ce mai kwamitin zartarwa na mutum 11, kuma tsarinta ya ce zama ba ya halatta sai da mutum 7. Mutum 10 suka halarta har da Shugaba. Ƙudurin shi ne a sayi injin casar shinkafa a kan Naira miliyan 3 daga asusun ajiya. Jami'in hulɗa da jama'a ya faɗa cewa ƙaninsa ne mai sayar da injin, ya fita kafin a fara muhawara. Saura mutum 9, adadin ya cika. A ce kuma sashe na 14(3) na tsarinsu irin na farko ne, wato Shugaba yana da ƙuri'arsa ta mamba da kuma ta biyu.

Mataki na 3: Rubuta ƙudurin kalma da kalma, ka karanta shi da ƙarfi

Kafin a ɗaga hannu, ka nemi izinin Shugaba ka karanta lafazin ƙudurin yadda ka rubuta shi, tare da wanda ya gabatar da wanda ya mara masa baya. "Maganar inji" ba ƙuduri ba ne. Ƙuduri shi ne: a sayi inji guda, a kan kuɗin da bai wuce kaza ba, daga asusu kaza. Idan an kawo gyara, misali a rage kuɗin zuwa miliyan 2 da rabi, a kan gyaran ake fara ƙuri'a, sannan a koma kan ƙudurin. Kunnen doki a kan gyara ba kunnen doki a kan ƙuduri ba ne, kuma ƙuri'ar da Shugaba ya kaɗa a kan gyaran ba ta wuce gyaran ba.

Mataki na 4: Ƙirga, ka haɗa lissafi, ka sake ƙirgawa

Ka roƙi a bar hannu a sama har ka gama. Masu goyon baya, ka rubuta. Masu adawa, ka rubuta. Masu rowar ƙuri'a, a tambaye su su ma su ɗaga hannu, kada ka samo adadinsu ta hanyar cirewa. A misalinmu an samu 4, 4, da 1. Jimla 9, ta yi daidai da mutanen ɗakin. Idan jimlar ba ta yi daidai ba, kada ka miƙa wa Shugaba komai, a sake.

Ko ta yi daidai, da zarar ka ga kunnen doki ka nemi a sake ɗaga hannu sau ɗaya, wani mamba ya ƙirga tare da kai. Ba ya ɗaukar lokaci, kuma yana toshe maganar "ai ba a ga hannuna ba" da kan taso bayan mako guda.

Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne ka kalli hannun Shugaba. Ya ɗaga ko bai ɗaga ba? Ka rubuta a gefe nan take. Idan tsarinku ya ba shi ƙuri'ar mamba, lokacin kaɗa ta shi ne tare da kowa, kafin a san sakamako. Akwai shugabannin da ke zama shiru har a ƙirga, su ga an samu 4 da 3, sai su ce to ni ma ina da ƙuri'a, ta zama 4 da 4, sannan ga ta biyu. Wannan shi ne irin abin da ke raba ƙungiya gida biyu. Maganinsa mai sauƙi ne: kafin ka miƙa masa adadi ka ce, "Ranka ya daɗe, za ka kaɗa taka ta mamba?" Amsar da ya bayar ka rubuta ta.

Rowar ƙuri'a ba adawa ba ce. Idan sashen ya ce rinjayen waɗanda suka halarta kuma suka kaɗa ƙuri'a, to mai rowa ba ya cikin lissafi. Amma idan ya ce rinjayen dukkan mambobin kwamiti, lissafin ya canza: a kwamitin mutum 11 ana bukatar 6, kuma 4 da ƙarin ƙuri'a ɗaya ba su kai ba. A nan ƙuri'ar raba gardama ba za ta ceci ƙudurin ba.

Mataki na 5: A sanar da kunnen doki, a karanta doka, sannan Shugaba ya kaɗa

Jerin yana da muhimmanci, kuma Shugaba ne ke sanarwa, ba kai ba. Ka miƙa masa adadin, ya faɗa wa zaman cewa an yi kunnen doki, 4 da 4. Sai ka buɗe tsarin mulki ka karanta sashen da ƙarfi, kowa ya ji. Bayan haka ne zai faɗi ko zai yi amfani da ƙuri'ar, da ɓangaren da ya kaɗa ta. Daga ƙarshe ya sanar da sakamako: an amince, ko ba a amince ba.

Ka tabbatar ya furta da bakinsa. "To shi ke nan, a saya" ba ƙuri'a ba ce da za ka iya karewa. Cikin ladabi ka ce, "Ranka ya daɗe, don rahoto, ka kaɗa ƙuri'ar raba gardama ne a goyon baya?" Idan ya ce e, ka rubuta lokaci.

Dole wannan ya faru a cikin zaman, kafin a wuce batu na gaba. Shugaban da ya ce zai yi tunani, ya kira ka da daddare ya ce ka sa ya goyi baya, bai kaɗa komai ba. Abin da za ka rubuta shi ne abin da ya faru a ɗakin.

Akwai wata al'ada daga majalisar Birtaniya da za ka iya ji ana ambata, cewa mai jagorantar zama ya kamata ya kaɗa ƙuri'arsa yadda za a bar abu a inda yake, tunda ba a samu rinjayen canza shi ba. Ita ce Kakakin majalisar na lokacin, John Bercow, ya bi ranar 3 ga Afrilu 2019, da aka yi 310 da 310, ya kaɗa tasa a adawa. A ganina shawara ce mai kyau ga shugaban da ke son ƙungiyarsa ta zauna lafiya, musamman a maganar kashe kuɗi. Amma al'ada ce ta can. Idan ba ta cikin tsarinku, ba ta ɗaure Shugabanku ba, kuma kada ka rubuta ta a matsayin doka.

Mataki na 6: Rubuta shi

Ga yadda misalinmu zai fito:

> Batu na 5: Sayen injin casar shinkafa
>
> Jami'in hulɗa da jama'a ya bayyana cewa yana da dangantaka da mai sayar da injin, ya fita da ƙarfe 11:20 kafin muhawara. Mambobi 9 masu ikon ƙuri'a suka rage, adadin da sashe na 12 ya nema ya cika.
>
> Ƙuduri: A sayi injin casar shinkafa guda ɗaya a kan kuɗin da bai wuce Naira miliyan 3 ba daga asusun ajiya. Ma'aji ya gabatar, Mataimakin Shugaba ya mara masa baya.
>
> An kaɗa ƙuri'a ta ɗaga hannu, an ƙirga sau biyu. Goyon baya: 4 (har da ƙuri'ar Shugaba a matsayin mamba). Adawa: 4. Rowar ƙuri'a: 1.
>
> Shugaba ya sanar cewa an yi kunnen doki. Sakatare ya karanta sashe na 14(3) na tsarin mulkin ƙungiya, wanda ya ce: "Idan ƙuri'u suka zo daidai, wanda ke jagorantar zaman yana da ƙuri'a ta biyu ta raba gardama."
>
> Bisa wannan sashe, Shugaba ya kaɗa ƙuri'ar raba gardama a goyon bayan ƙudurin da ƙarfe 11:52.
>
> An amince da ƙudurin da ƙuri'ar raba gardama ta Shugaba. Jami'in hulɗa da jama'a ya dawo da ƙarfe 11:55.

A rahoto na gaskiya za ka sa sunaye tare da muƙamai. Ka lura babu inda aka rubuta "an amince da ƙuri'a 5 da 4". Wannan ne kuskuren da ya fi yawa, kuma ya fi kowanne ɓarna. Wanda ya karanta 5 da 4 da rowa 1 zai haɗa ya samu 10, alhali mutum 9 ne a ɗakin, sai ya ɗauka wanda ya fita ma ya kaɗa ƙuri'a a kan injin ƙaninsa. Lamba ɗaya ta ɓoye kunnen dokin, ta ɓoye ƙuri'ar Shugaba ta biyu, ta kuma jawo wa mutumin da ya yi abin da ya dace zargi.

Idan tsarinku irin na majalisa ne, layin ƙuri'a zai ce: "Goyon baya: 4. Adawa: 4. Shugaba bai kaɗa ƙuri'a a wannan zagayen ba." A nan 5 da 4 lissafi ne na gaskiya, amma duk da haka ka nuna matakan biyu, don a ga cewa ƙuri'arsa ta zo ne a halin da doka ta yarda.

Idan Shugaba ya ƙi amfani da ƙuri'ar, kuma sashen zaɓi ya ba shi: "Shugaba ya bayyana cewa ba zai yi amfani da ƙuri'ar raba gardama da sashe na 14(3) ya ba shi ba. Ƙudurin bai samu rinjaye ba, don haka ba a amince da shi ba." Kada ka rubuta "an ɗage" sai idan an kawo ƙudurin ɗagewa an amince da shi.

Idan tsarin ya yi shiru: "An yi kunnen doki. Tsarin mulki bai tanadi ƙuri'ar raba gardama ba. Ƙudurin bai samu rinjaye ba." Idan kuma Shugaba ya dage ya kaɗa duk da ka faɗa masa, ka rubuta duka biyun: cewa ka ja hankalin zaman, da cewa ya kaɗa. Ba aikinka ba ne ka soke hukuncinsa a littafi, kuma ba aikinka ba ne ka nemo masa sashen da babu.

Idan ba a zo da tsarin mulkin ba kuma babu hotonsa, kada rahoto ya ce an karanta sashe. Ka rubuta cewa Shugaba ya dogara da tanadin tsarin mulki kan kunnen doki, kuma babu kwafi a zaman. Da ka samu kwafin, ka ƙara lambar sashen a matsayin bayanin sakatare a ƙasa, da ranar da ka duba. Ka kuma ba da shawara kada a fitar da kuɗi kafin a duba.

Game da dalilin Shugaba, idan ya faɗa, ka rubuta shi a jimla ɗaya, yadda ya faɗa. Idan bai faɗa ba, kada ka ƙirƙira masa. Game da sunayen waɗanda suka kaɗa, adadi ya isa, sai dai idan tsarinku ya nemi sunaye, ko wani mamba ya ce a rubuta cewa shi bai yarda ba. Wannan roƙon ka cika shi, domin a maganar kuɗi mutum yana da hakkin a san inda ya tsaya.

Mataki na 7: Inda ƙuri'ar raba gardama ba ta aiki

Ƙudurin da ke bukatar kashi biyu cikin uku, kamar gyaran tsarin mulki ko tsige jami'i a ƙungiyoyi da yawa, ba ya da kunnen doki da za a raba. Idan aka yi 4 da 4 ya faɗi, ya yi nisa da adadin. Haka ƙuduri na musamman a kamfani, wanda dokar CAMA ta ce sai da kashi uku cikin huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa. Ka rubuta adadin da aka samu, da wanda ake nema, da sashen da ya nema.

Zaɓen jami'ai ma sau da yawa yana da nasa sashe, wanda zai iya cewa a sake zagaye tsakanin mutum biyun. Ka duba can kafin ka ɗauko sashen ƙudurori. Idan kuma Shugaba ne da kansa ke da ruwa a batun, ya kamata ya bar kujerar tun kafin muhawara, kuma rahoto ya nuna wanda ya karɓa, da lokacin, da sashen da ya ba shi dama.

A ƙuri'ar sirri, ta Shugaba ta mamba tana cikin akwati tare da na kowa, don haka abin da za ka rubuta shi ne an ba shi takarda ya jefa. Ta raba gardama kuwa ba ta ɓoyuwa, tunda sakamakon zai nuna inda ta faɗa. Ka zuba takardun a ambulan, ka liƙe, ku sa hannu kai da wanda ya taya ka ƙirga.

Mataki na 8: Amincewa da rahoto a zama na gaba

Ka rubuta wannan batun a ranar, tun lissafin yana sabo a kanka, ka manna takardar ƙirgar a fayil. Idan ka kai wa Shugaba ya duba, zai iya gyara rubutu, amma ba adadi ba, ba kuma ya share layin kunnen doki don a ga kamar kwamiti ya haɗa kai ba.

A zama na gaba, ɓangaren da bai yi nasara ba kan so ya sake buɗe muhawara a lokacin karanta rahoto. Tambayar da ke gaban zaman a wannan lokacin ɗaya ce: abin da aka rubuta shi ne ya faru? Wanda ke son a janye sayen injin sai ya kawo sabon ƙuduri ta hanyar da tsari ya tanada. Idan gyara ne na gaskiya, a ce ka rubuta 14(2) a maimakon 14(3), ka ja layi ɗaya a kan kuskuren yadda za a iya karanta shi, ka rubuta daidai a sama, Shugaba ya sa hannu a gefe, sannan ka ambaci gyaran a rahoton sabon zaman. Kada ka goge, kada ka yage shafi. Bayan an amince, Shugaba ya sa hannu da kwanan wata a ƙarshen rahoton, kuma a shafin da ƙuri'ar take ka nemi ya sa hannu a ƙasan shafin ma.